Fitar da tablo daga ɗaruruwan fish da aka yi wa sikanin: tambayoyi da amsoshi kan Python da Tesseract

Tambayoyin nan su ne waɗanda abokan aiki a Tawa da Yamai suka fi yi mini tun da na gama wani aiki na ƙungiyar manoma. An ba ni fish 420 na rabon takin zamani, bugun na'ura ne, amma ordinatar da aka buga su da ita ta lalace, takardun kawai suka rage. Kowane fish yana da jere 20 da kolon 6: lamba, suna, gari, yawan buhu, farashin buhu, jimla. A ƙasa akwai jimlar shafi da hatimi da sa hannu. Da wannan aikin zan riƙa ba da misali har ƙarshe.

1. Na gwada Camelot da Tabula, ba su fitar da kome ba. Mene ne ya faru?

Ba su lalace ba, an ba su abin da ba nasu ba ne. Camelot da Tabula, manhajojin fitar da tablo, suna aiki da PDF wanda rubutunsa yake ciki a matsayin haruffa, irin wanda aka fitar kai tsaye daga Word ko Excel. PDF ɗin da ya fito daga sikana kuwa hoto ne aka naɗe cikin PDF. Idonka yana ganin haruffa, amma abin da ke cikin fayil ɗin ɗigo-ɗigo ne baƙi da fari.

Gwajin ba ya ɗaukar minti guda. Ka buɗe fayil ɗin ka yi ƙoƙarin zaɓar kalma ɗaya da linzami, ko ka buga `pdffonts lot1.pdf`. In ba a lissafa maka ko da nau'in haruffa ɗaya ba, hoto ne, sai an bi ta OCR, wato manhajar da ke karanta rubutu daga hoto.

2. Me zan girka a ordinatar?

Abu huɗu sun ishe ka. Na farko Tesseract, shi ne mai karatun. Kamfanin HP ne ya fara gina shi a shekarun 1980, aka sake shi kyauta a 2005, kuma tun daga fitowa ta 4 a 2018 ya koma karanta layi ɗungurungum maimakon harafi-harafi. Na biyu `pytesseract`, wanda igiya ce kawai tsakanin Python da Tesseract. Mutane da yawa suna girka `pytesseract` su tsaya nan, sai su ga `TesseractNotFoundError`, alhali shi Tesseract ɗin ne ba su girka ba. Na uku `pdf2image`, wanda shi ma yana buƙatar Poppler a gefe. Na huɗu OpenCV domin gyaran hoto.

Tun da fish ɗinmu da Faransanci suke, kada ka manta da fayil ɗin harshen. Ka buga `tesseract --list-langs`, in babu `fra` a ciki ka ƙara shi. Da zarar an girka waɗannan, aikin ba ya buƙatar intanet ko kaɗan.

3. Yaya ya kamata a yi sikanin ɗin?

A nan ake cin rabin aikin ko a faɗi. Ka sa sikana a 300 dpi. Takardar A4 a wannan ma'auni tana zama fiksel 2480 a faɗi, 3508 a tsawo, kuma ƙananan lambobi suna fitowa da kyau. A 150 dpi, 8 da 3 sukan fara kama da juna, waƙafi kuma ya ɓace. Ka zaɓi toka-toka ko launi, kada ka zaɓi baƙi-da-fari zalla, domin sikana za ta yanke hukunci da kanta kan abin da ke tawada da abin da ke datti, kuma abin da ta share ba ya dawowa.

Fish ɗin da suka sha ajiya a cikin kwali sukan zo da ƙurar hunturu da lanƙwasa. A cire ƙarfen maƙala takarda, a miƙe su, a riƙa goge gilashin sikana lokaci-lokaci. A sikana mai jan takarda da kanta, ƙwayar rairayi ɗaya a kan gilashi tana zana dogon layi daga saman shafi har ƙasa a kowace takarda, kuma lambar da ke neman layukan tablo za ta ɗauke shi a matsayin iyakar kolon. In an turo maka hotuna ta WhatsApp, ka roƙi a sake turo su a matsayin fayil, domin turawar hoto ta yau da kullum tana matse shi.

4. Me zai hana in ba Tesseract shafin gaba ɗaya ya karanta?

Wannan ita ce babbar tambayar, kuma amsarta ce ginshiƙin duk sauran. Tesseract ya iya karanta layin rubutu, amma bai san kolon ba. In ka miƙa masa shafi, zai dawo maka da kalmomi a jere, kuma duk gurbin da aka bari fanko zai tsallake shi bai ce kome ba. A ce a jere na 9 ba a rubuta sunan gari ba. Yawan buhu zai matso ya zauna a kolon gari, farashi ya zauna a kolon buhu. Babu saƙon kuskure, tablon kuma zai yi kyau a ido. Layukan tablon su ma yakan karanta su kamar haruffa, sai ka ga `|` ko `1` ko `l` manne a gaban lamba.

Saboda haka ka raba aikin biyu. Kai ne za ka nemo inda kowane gurbi yake ta hanyar auna hoto, ka yanke shi, sannan ka miƙa wa Tesseract gurbi ɗaya-ɗaya. Ta haka tun kafin a karanta ka san cewa wannan guntun hoto shi ne jere na 9, kolon na 4, kuma ka san lamba ce ya kamata ta fito daga cikinsa. Yadda ake nemo guraben yana tambaya ta 5 da ta 6, karatunsu kuma yana ta 7.

5. Ta yaya zan nemo layukan tablo?

Dabarar mai sauƙi ce: layin tablo dogo ne miƙaƙƙe, harafi kuwa gajere ne. Sai a juya hoton ya zama fari a kan baƙi, a share duk abin da tsawonsa bai kai wani ma'auni ba. Abin da ya tsira shi ne layi. `hoto` a nan dole ya zama toka-toka, in na launi ne ka juya shi da `cv2.cvtColor` tukuna.

```python
baki = cv2.adaptiveThreshold(~hoto, 255, cv2.ADAPTIVE_THRESH_MEAN_C,
                             cv2.THRESH_BINARY, 15, -2)
k = cv2.getStructuringElement(cv2.MORPH_RECT, (hoto.shape[1] // 30, 1))
kwance = cv2.morphologyEx(baki, cv2.MORPH_OPEN, k)
```

A shafin 300 dpi, 2480 a raba 30 yana ba da fiksel 82, kimanin milimita 7. Ba harafin da ke da sanda miƙaƙƙiya mai wannan tsawo, shi ya sa layukan kwance kaɗai ke saura. Haka za ka yi wa na tsaye, ka juya ma'aunin kawai. Inda na kwance da na tsaye suka haɗu, nan ne kusurwoyin gurabe.

Kafin ka ci gaba, ka ajiye hoton `kwance` ka dube shi da idonka, sannan ka sa lambarka ta ƙirga. A fish ɗinmu, jere 20 da kan tablo da jeren jimla suna buƙatar layin kwance 23 da na tsaye 7. Duk shafin da ƙirgarsa ta saɓa, a ware shi gefe, kada a karanta. Sa hannu mai dogon jela yakan ƙara layi, fotokopi mai kodewa kuma yakan rage.

6. Shafukan sun karkace, wasu layukan kuma sun kode. Ina mafita?

Karkata ƙarama a ido babba ce a lissafi. Digiri ɗaya a faɗin fiksel 2480 yana gusar da gefen dama da fiksel 43. Jeren da tsayinsa milimita 8 ne yana da fiksel 94. Ke nan a digiri biyu, jimlar da ke ƙarshen dama ta kusan komawa daidai da sunan mutumin da ke sama ko ƙasa. Ban da haka, layin da ya karkata da yawa dabarar tambaya ta 5 tana gutsuttsura shi.

Amma kana da wata sa'a da mai karanta takardu barkatai ba shi da ita: fish ɗinka duk iri ɗaya ne. Ka zaɓi mafi tsabta a cikinsu ya zama samfur, ka auna gurabensa sau ɗaya, ka ajiye. A kowane shafi kuma abin da za ka nema kusurwa huɗu ne kawai na babban zagayen tablo, wanda `cv2.findContours` kan ba ka a matsayin zagaye mafi girma. Sai ka ja shafin ya hau kan samfur:

```python
M = cv2.getPerspectiveTransform(kusurwa, samfur)
daidai = cv2.warpPerspective(hoto, M, (2480, 3508), borderValue=255)
```

Dole kusurwoyin su zo a tsari ɗaya a `kusurwa` da `samfur`, kuma su zama `float32`, in ba haka ba shafin zai fito a juye ko OpenCV ta ƙi. Bayan wannan, ko layukan ciki sun kode ba damuwa, domin ma'aunin samfur kake bi. Wannan gyaran yana magance karkata da bambancin girman fotokopi, har da hoton waya da aka ɗauka ta gefe. Bai magance takardar da ta lanƙwashe a tsakiya ba. Shafin da aka sa a sikana kai ƙasa kuwa, `pytesseract.image_to_osd` yakan gano shi.

Abu guda da ya taɓa ɓata mini kwana biyu: a cikin 420 ɗin akwai wasu da aka buga da tsohon tsarin fish, inda kolon gari ya fi faɗi. Na gano ne da na ga rabin sunan gari yana shiga kolon buhu. Ka fara bincike da ido, ka san samfur nawa gare ka kafin ka rubuta layin lamba ko ɗaya.

7. Na yanke guraben, amma karatun lambobi bai da kyau.

Abu uku ke gyara yawancinsa. Ka yanke gurbin ta ciki kaɗan domin layin tablo kada ya shigo. Ka ƙara masa farin gefe, domin Tesseract yana rikicewa in rubutu ya taɓa bakin hoto. Sannan ka gaya masa cewa layi ɗaya ne, ka kuma iyakance masa haruffan da zai iya fitarwa.

```python
g = daidai[y+6:y+h-6, x+6:x+w-6]
g = cv2.copyMakeBorder(g, 10, 10, 10, 10, cv2.BORDER_CONSTANT, value=255)
cfg = "--psm 7 -c tessedit_char_whitelist=0123456789"
rubutu = pytesseract.image_to_string(g, lang="fra", config=cfg)
```

`--psm 7` yana nufin layi ɗaya. In suna ya yi tsawo har ya sauka layi biyu a gurbi, `--psm 6` ya fi dacewa. Iyakance haruffa bai aiki a Tesseract 4.0, an dawo da shi a 4.1, saboda haka ka duba `tesseract --version` in ka ga bai yi tasiri ba.

A kula da yadda muke rubuta lamba a Nijar. Dubu muna raba ta da sarari ko ɗigo, `13 500` ko `13.500`, rabi kuma da waƙafi, `2,5`. A kolon kuɗi, barin ɗigo ya faɗi alheri ne, 13500 za ka samu. Amma in kana da kolon hekta ka manta ba ka sa waƙafi cikin haruffan da aka yarda da su ba, gonar hekta 2,5 za ta zama 25. Kowane kolon a ba shi nasa tsarin. Gurbin da babu kome kuwa kada ka miƙa shi sam: ka ƙirga baƙaƙen fiksel, in ba su kai wani ɗan adadi ba ka rubuta fanko da kanka, domin Tesseract yakan mai da ɗigon datti harafi.

8. Hatimi ya hau kan lambobi. Akwai yadda za a yi?

In hatimin shuɗi ne ko shunayya, rubutun kuma baƙi, akwai, muddin sikanin na launi ne. A sashen shuɗi na hoton, tawadar shuɗi tana yin haske har ta kusan zama fari, baƙi kuwa yana nan baƙi. OpenCV tana jera launuka shuɗi, kore, ja, saboda haka a hoton launi da ta buɗe `hoto[:, :, 0]` shi ne sashen da kake so. Wanda ya fito daga `pdf2image` kuwa ja ne a gaba, sai ka ɗauki `hoto[:, :, 2]`. In fotokopi aka yi wa sikanin, hatimin ya riga ya zama baƙi, sai mutum ya karanta wannan gurbin.

9. Fish ɗina da biro aka cika su. Tesseract zai karanta?

A'a, kada ka ɓata lokacinka. An horar da shi ne kan bugun na'ura, rubutun hannu kuma abin da zai fitar ba abin dogaro ba ne. Sai dai yankan guraben yana da amfani duk da haka: ka nuna wa mai shigarwa hoton gurbi ɗaya a allo, ya buga abin da ya gani, binciken tambaya ta 10 kuma ya kama kuskurensa. Akwatin da ake sa wa alamar zaɓi ba ya ma buƙatar OCR, ƙirgar baƙaƙen fiksel ta wadatar.

Akwai kamfanonin intanet masu karanta rubutun hannu, amma sai ka ɗora musu takardun, a ciki kuwa akwai sunayen mutane da lambobin wayarsu. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar HAPDP da ke kula da ita. Ka nemi izinin masu takardun kafin ka ɗora kome.

10. Yaya zan san inda aka yi kuskure ba tare da na karanta duka ba?

Mu yi lissafi tukuna. Fish 420, jere 20, kolon 6: gurbi 50 400 ke nan. Ko da karatun ya yi daidai a 99 cikin 100, gurbi 504 ne ba daidai ba, kuma ba ka san waɗanne ba. Tablon da ke da kuskure 504 a ɓoye ba a biyan kowa kuɗi da shi. Aikin gaskiya shi ne ka sa kuskuren ya nuna kansa.

Fish ɗin da kansa yana ɗauke da shaidarsa. Buhu sau farashi dole ya ba da jimla. A wani jere, an karanta buhu 1, farashi 13 500, jimla 94 500. Ɗaya sau 13 500 bai kai 94 500 ba, sai jeren ya samu alama. In ka raba 94 500 da 13 500 za ka samu 7 cif, kuma da na buɗe hoton gurbin, 7 ce wadda kanta ya kode. Duk da haka ban bar lambar ta gyara da kanta ba, domin wani lokaci kuskuren na wanda ya buga fish ɗin ne tun asali, kuma wannan magana ce ta shugabannin ƙungiya. Bincike na biyu: jimlolin jere 20 in aka tara su dole su yi daidai da jimlar ƙasan shafi. Na uku: lambobin jere su bi juna ba tsalle. Shafin da ya haye duka ukun, lambobinsa sun kusan zama tabbas.

Kolon da ba shi da lissafi ya fi wuya. Ga sunan gari, ka tanadi jerin garuruwan da ƙungiyar ke aiki da su, ka kwatanta da `rapidfuzz`, sai `Galrni` ya koma `Galmi`, domin `m` yakan karye ya zama `rn`. Lambar waya a Nijar takwas ce, wadda ta zo bakwai ko tara a sa mata alama. Sunan mutum kuwa kada ka bari lamba ta taɓa shi, tun da Abdu da Audu na iya zama mutum biyu a gari ɗaya. A nan ne `pytesseract.image_to_data` ke taimakawa da makin `conf`, daga 0 zuwa 100. Maki ƙasa alama ce ta a duba, amma maki sama ba rantsuwa ba ce, na ga 7 da aka karanta 1 da maki mai kyau. Shi ya sa a ƙarshe nake zaɓar shafi 20 ba tsari, mutum ya kwatanta su da takarda gurbi-gurbi, har da waɗanda ba su samu alama ba. Abin da ya fito nan shi ne ma'aunin kuskuren da ya kuɓuce wa bincikenka.

11. Aikin yana cin lokaci, wuta kuma tana ɗaukewa a tsakiya.

Duk kiran `pytesseract` yana tayar da Tesseract daga farko. In kowane kira ya ci kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, gurbi 50 400 za su ci kusan awa uku. Ka raba shafuka tsakanin ƙwaƙwalen ordinatar da `multiprocessing`, amma ka sa `OMP_THREAD_LIMIT=1`, in ba haka ba kowane Tesseract zai nemi ƙwaƙwalen duka, su yi ta ture juna har aikin ya fi da jinkiri. Akwai kuma `tesserocr` wanda ke riƙe Tesseract a buɗe tsakanin kira da kira.

Kada ka buɗe PDF ɗin gaba ɗaya. Shafin launi a 300 dpi yana cin kimanin megabayit 26 in an buɗe shi, 420 kuwa sun haura gigabayit 10. Ka ɗauko ɗaya-ɗaya:

```python
shafi = convert_from_path("lot1.pdf", dpi=300, first_page=n, last_page=n)[0]
hoto = np.array(shafi.convert("L"))
```

Game da wuta, musamman lokacin zafi, kowane shafi ya rubuta nasa ƙaramin fayil da zarar an gama shi, kamar `lot1_037.csv`, kuma lambarka ta tsallake duk shafin da fayil ɗinsa yake nan. In wuta ta dawo, daga inda aka tsaya za a ci gaba. Shafin da ya gagara a rubuta sunansa da dalili a wani jeri, a wuce.

12. Na buɗe sakamakon a Excel, kome ya cunkushe a kolon ɗaya, haruffa kuma sun lalace.

Excel da aka saita da Faransanci yana jiran `;` tsakanin kolon da kolon, domin waƙafi na lamba ne. Haruffa irin `é` kuma suna lalacewa in fayil ɗin bai faɗa wa Excel tsarinsa ba. In da `pandas` kake haɗa fayilolin, layi ɗaya ya gyara duka biyun:

```python
df.to_csv("duka.csv", sep=";", encoding="utf-8-sig", index=False)
```

Lambar kati mai farawa da sifili, kamar `00412`, Excel yakan cinye sifilin in ya buɗe CSV, saboda haka ka riƙe ta a matsayin rubutu da `dtype=str`, ka miƙa aikin da `to_excel`. A kowane jere ka ƙara sunan fayil, lambar shafi, lambar jere da dalilin alamar da aka sa masa. Ran da sakataren ƙungiya zai zo ya ce wane bai karɓi buhu 7 ba, `lot1.pdf`, shafi 37, jere 9 za ka buɗe masa ya gani da idonsa.